DARASIN WANNAN WATA: Wannan Rana, A Wane Rubu'i Ko Zango Ta Faɗo?

Darasinmu na wannan wata a kan kwanan wata yake. Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya iya karanta kwanan wata a jikin rasit ko a saman wasiƙa. To amma akwai wata tambaya da takan biyo baya. A ofis za ka ji an ce, "Wannan kuɗi na rubu'i na biyu ne." A makaranta za ka ji hedimasta ya ce, "Ai wannan na zango na uku ne." A rediyo kuma ka ji ana maganar shekarar kuɗi. Idan mutum bai san inda rana ta faɗo ba, yakan biya tara a banza, ko ya yi gardama da ma'ajin ƙungiya alhali ba shi da gaskiya.

Ka samo fensir da takarda kafin mu fara. Idan kana da tsohon rasit a aljihu ko a cikin adaka, ɗauko shi, zai yi mana amfani.

Mece ce rubu'i?

Rubu'i kalmar Larabci ce da ta daɗe a bakin Hausawa. Ma'anarta kashi ɗaya cikin huɗu. Waɗansu kuma suna cewa kwata, duk abu ɗaya ne. Shekara tana da wata 12. Idan aka raba 12 gida huɗu, kowane gida zai sami wata 3. Saboda haka rubu'in shekara wata uku ne.

A Nijeriya shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa ran 1 ga Janairu, ta ƙare ran 31 ga Disamba. Haka gwamnatin tarayya take yi, haka gwamnatin Jihar Jigawa a Dutse, haka kuma ƙananan hukumomi irin su Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Ga yadda rabon yake:

Rubu'i na ɗaya: Janairu, Fabrairu, Maris.
Rubu'i na biyu: Afrilu, Mayu, Yuni.
Rubu'i na uku: Yuli, Agusta, Satumba.
Rubu'i na huɗu: Oktoba, Nuwamba, Disamba.

Manomi zai iya tuna su da aikin gona. Na ɗaya yana farawa cikin sanyi, ya ƙare da shigowar zafi. Na biyu bazara ce da sharar gona, har zuwa saukar ruwan shuka. Na uku tsakiyar damina ce, marka tana cikinsa. Na huɗu kaka ce. Sai dai wannan don tuni ne kawai. Ruwan sama yakan zo da wuri, yakan kuma makara. Rubu'i kuwa ba ya motsi. Ko an yi shuka ko ba a yi ba, ran 30 ga Yuni rubu'i na biyu ya ƙare.

Kalanda a tafin hannu

Ba kullum mutum yake da kalanda a kusa ba. Amma hannunka yana tare da kai. Buɗe tafin hannunka ka duba. Ban da babban yatsa, kana da yatsu huɗu. Kowane yatsa yana da gaɓa uku. Huɗu sau uku, 12 ke nan, daidai da watannin shekara. Kowane yatsa rubu'i ɗaya ne, kowace gaɓa wata ɗaya ce.

Yadda muke ƙirga tasbihi da gaɓoɓin yatsu bayan salla, haka za ka yi. Ka sa babban yatsa a kan gaɓar farko ta ƙaramin yatsa, ka ce Janairu. Gaɓa ta biyu Fabrairu, ta uku Maris. Ƙaramin yatsa ya ƙare, rubu'i na ɗaya ya ƙare. Sai ka koma yatsa na biyu, ka ce Afrilu, Mayu, Yuni. Haka za ka yi ta tafiya har ka kai watan da kake nema. Yatsan da ka tsaya a kai, shi ne rubu'in.

Mu gwada da ranar da duk ɗan Jigawa ya sani. An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ran 27 ga Agusta, 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Ƙirga: Janairu, Fabrairu, Maris, yatsa ɗaya. Afrilu, Mayu, Yuni, yatsa biyu. Yuli, Agusta. Ka tsaya a gaɓar tsakiya ta yatsa na uku. Ashe an haifi jiharmu a rubu'i na uku na shekarar 1991.

Ka lura, ba mu yi amfani da 27 ɗin nan ba ko kaɗan. Wajen neman rubu'i, wata kaɗai ake dubawa. Ran 1 ga Agusta da ran 31 ga Agusta duk yatsa ɗaya suke.

Wanda ya iya rabawa yana da wata hanya ta takarda. Ka ɗauki lambar watan ka raba da 3. Idan babu saura, amsar da ka samu ita ce rubu'in. Idan akwai saura, sai ka ƙara 1. Agusta wata na 8 ne. A cikin 8 akwai 3 sau 2, saura 2. Tun da akwai saura, 2 a tara da 1, ya zama 3. Yuni wata na 6 ne. A cikin 6 akwai 3 sau 2, babu saura. Rubu'i na biyu ke nan. Janairu da Fabrairu fa? A cikin 1 ko 2 babu 3 ko sau ɗaya, wato sifiri, amma akwai saura. Sifiri a tara da 1, ya zama rubu'i na ɗaya. A ganina hanyar yatsu ta fi sauƙi ga mai koyo, domin mutane da yawa sukan manta su ƙara 1 ɗin nan.

Wace lamba ce wata?

Sau da yawa ba a rubuta sunan wata a rasit. Lambobi kawai za ka gani, kamar haka: 03/04/2025. A ƙasarmu rana ake fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara. Saboda haka wannan 3 ga Afrilu ne, 2025. Lambar tsakiya ita ce wata.

Amma mutanen Amirka wata suke fara rubutawa, kuma waɗansu wayoyin hannu da na'urori a kan tsarinsu aka saita su. A irin wannan na'ura, 03/04/2025 yana nufin 4 ga Maris. Dubi bambancin. 3 ga Afrilu rubu'i na biyu ne, 4 ga Maris kuwa rubu'i na ɗaya ne. Lambobi iri ɗaya, rubu'i daban.

Yaya za ka gane? Babu wata na 13. Duk lambar da ta wuce 12 rana ce, ba wata ba. Idan ka ga 25/03/2025, ka san 25 rana ce, an fara da rana. Idan ka ga 03/25/2025, ka san an fara da wata. In kuwa lambobin biyu duka ba su wuce 12 ba, sai ka nemi wata takarda da ta fito daga wuri guda, ka ga yadda suke rubutawa. Kai kuma idan aka ba ka aikin rubuta rasit, ka rubuta sunan watan da haruffa: 3 ga Afrilu. Ba zai ci maka tawada mai yawa ba.

Gardamar rasit huɗu

Yanzu ga misali na aiki. Mu ƙaddara akwai wata ƙungiyar manoma ta gama kai a wani ƙauye tsakanin Shuwarin da Kiyawa. Dokar ƙungiya ta ce kowane mamba ya biya Naira 3,000 a kowane rubu'i, kafin rubu'in ya ƙare. Wanda ya makara zai biya tarar Naira 500. Wanda bai cika kuɗin shekara ba kuwa, ba za a sa sunansa a jerin masu karɓar takin zamani ba. Waɗannan kuɗaɗe na misali ne kawai.

A farkon 2025 sakatare ya karanta sunayen waɗanda ake bi bashi. Sai wani dattijo ya ji sunansa. Ya miƙe ya ce, "Malam Sakatare, a sake dubawa. Ga rasit huɗu a hannuna, duk na 2024. Huɗu ake biya a shekara, huɗu na biya."

Sakatare ya ce, "To Baba, kawo mu duba tare."

Ga ranakun da ke jikin takardun: 09/01/2024, da 28/03/2024, da 30/06/2024, da 01/10/2024. Kowane rasit Naira 3,000 ne. Kafin ka ci gaba da karatu, ka ƙirga su da yatsunka.

Na farko watan 1 ne, Janairu, rubu'i na ɗaya. Na biyu watan 3 ne, Maris, shi ma rubu'i na ɗaya. Na uku watan 6 ne, Yuni, rubu'i na biyu. Na huɗu watan 10 ne, Oktoba, rubu'i na huɗu. To ga abin dubawa. Ƙaramin yatsa ya sami rasit biyu, yatsa na uku bai sami ko ɗaya ba. Duk lokacin da ka ga haka, ka san akwai biyan da aka yi a wani rubu'i amma na wani rubu'in ne daban.

Sakatare ya buɗe littafin 2023. Sai aka ga dattijo bai biya na rubu'in ƙarshe na 2023 a kan lokaci ba. Kuɗin da ya kawo ran 9 ga Janairu, 2024, bashin bara ya biya da su, kuma an karɓi tararsa tun a lokacin. Saboda haka wannan rasit, ko da yake an rubuta 2024 a jikinsa, na 2023 ne.

Saura uku. Na 28 ga Maris shi ne na rubu'i na ɗaya, an biya a kan lokaci. Na 30 ga Yuni shi ne na rubu'i na biyu. A ranar ƙarshe aka biya shi, amma ranar ƙarshe tana cikin rubu'i, don haka babu tara. Na 1 ga Oktoba kuwa na rubu'i na uku ne. Rubu'i na uku ya ƙare ran 30 ga Satumba. Kwana ɗaya tak dattijo ya makara, amma ya riga ya tsallaka zuwa wani yatsa. Tarar Naira 500 ta hau kansa. Na rubu'i na huɗu kuma bai biya ba sam.

Ga lissafin. A cikin shekarar 2024 dattijo ya miƙa wa ƙungiya Naira 12,000 na kuɗin mamba, wannan gaskiyarsa ce. Amma Naira 9,000 ne kawai na 2024. Ana binsa Naira 3,000 na rubu'i na huɗu, da tarar Naira 500 ta rubu'i na uku, da wata tarar Naira 500 ta rubu'i na huɗu da shi ma ya riga ya ƙare, jimla Naira 4,000.

Dattijo bai yi ƙarya ba, sakatare ma bai cuce shi ba. Laifin na rasit ne, domin rana kaɗai aka rubuta a kai. Kowane biya yana da lokaci iri biyu. Akwai ranar da kuɗi suka shiga hannu, akwai kuma lokacin da aka biya kuɗin dominsa. Ya kamata rasit ya nuna duka biyun, kamar haka: "An karɓa ran 9 ga Janairu, 2024. Kuɗin rubu'i na huɗu na 2023." A littafin ma'aji ma a ja layi biyu, ɗaya na ranar karɓa, ɗaya na rubu'in da aka biya. Sakatarorin ƙungiyoyi da ma'ajin kwamitin masallaci da masu riƙe adashe, wannan magana taku ce.

Ranakun da suka fi jawo rigima su ne na bakin iyaka: 31 ga Maris, 30 ga Yuni, 30 ga Satumba da 31 ga Disamba. Ka rubuta su a bangon littafinka.

"Ƙarshen rubu'i" da "bayan wata uku" ba ɗaya ba ne

Wannan wuri a kula da shi sosai, domin ya shafi rance. A ce mutum ya karɓi rance ran 20 ga Fabrairu, 2025, don noman rani. Ya ji an ce rubu'i wata uku ne, sai ya saki jiki, yana ganin yana da wata uku cur. To ya danganta da abin da aka rubuta a takardar.

Idan takarda ta ce a biya "a ƙarshen wannan rubu'i", wa'adin shi ne 31 ga Maris. Fabrairun 2025 kwana 28 ne. Daga 20 zuwa 28 kwana 8. A tara da kwana 31 na Maris, ya zama kwana 39 kacal. Ko tumatir bai isa tsinka ba a kwana 39.

Idan takarda ta ce "bayan wata uku", sai a ƙirga daga ranar karɓa: 20 ga Maris wata ɗaya, 20 ga Afrilu wata biyu, 20 ga Mayu wata uku. Wa'adin 20 ga Mayu ne.

Idan kuma ta ce "kwana 90", sai a ƙirga kwanaki. Zuwa 31 ga Maris mun sami 39. A ƙara 30 na Afrilu, 69. Saura 21 a cika 90. Wa'adin 21 ga Mayu ne.

Tsakanin na farko da na biyu akwai kwana 50. Saboda haka kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka ce wa ma'aikacin, "Ranka ya daɗe, a rubuta mini ainihin ranar biya, da wata da shekara." Ba rashin kunya ba ne.

Shi kansa rubu'i ba kullum yake kwana 90 ba. Na ɗaya kwana 90 ne, amma a shekarar da Fabrairu ya yi 29, kamar 2024, yakan zama 91. Na biyu 91 ne. Na uku da na huɗu 92 kowanne.

Shekarar da ba ta fara da Janairu ba

Dattawan da suka yi aikin En'e za su gaya maka cewa a da, shekarar kuɗi ba da Janairu take farawa ba. Tun zamanin Turawa, shekarar kuɗi ta Nijeriya tana farawa ran 1 ga Afrilu, ta ƙare ran 31 ga Maris na shekara mai zuwa. A zamanin Shugaba Shehu Shagari aka sauya. Kasafin kuɗin 1980 na wata tara ne kawai, daga Afrilu zuwa Disamba. Daga 1 ga Janairu, 1981, aka koma tsarin Janairu zuwa Disamba.

Shi ya sa a tsohuwar takardar haraji ko jangali za ka ga an rubuta shekara biyu a haɗe, kamar 1972/73. Ba shekara biyu ake nufi ba. Wata 12 ne da suka fara a Afrilun 1972 suka ƙare a Maris ɗin 1973.

Hannunka zai yi wannan aikin ma. Abu ɗaya za ka sauya. Watan da shekarar ta fara da shi, shi za ka ɗora a gaɓar farko ta ƙaramin yatsa. Ka ce Afrilu, Mayu, Yuni, yatsa ɗaya. Yuli, Agusta, Satumba, yatsa biyu. Oktoba, Nuwamba, Disamba, yatsa uku. Janairu, Fabrairu, Maris, yatsa huɗu.

An fara kashe Naira da kobo a ƙasar nan ran 1 ga Janairu, 1973, aka bar fam da sule. A lissafin yau za mu ce ranar farko ce ta rubu'i na ɗaya. Amma a littafin baitulmali na wancan zamani, ranar tana cikin rubu'i na huɗu na shekarar kuɗi ta 1972/73. Rana ɗaya ce, amsa biyu, kuma kowace daidai take a tsarinta.

Wannan ba tarihi kaɗai ba ne. Har yanzu ƙasar Indiya tana fara shekarar kuɗinta a Afrilu. Gwamnatin Amirka tana farawa ran 1 ga Oktoba. Bankin Duniya, wanda yakan sa kuɗi a ayyukan noma da lafiya da ilimi a jihohinmu, yana farawa ran 1 ga Yuli, ya ƙare ran 30 ga Yuni. A tsarin da ya fara da Yuli, watan Agusta yana rubu'i na ɗaya, ba na uku ba. Saboda haka idan ma'aikacin wani shiri ya zo ƙauyenku ya ce za a saki kuɗi a rubu'i na biyu, ku tambaye shi, "A wane wata shekararku take farawa?" In da Janairu ne, Afrilu zuwa Yuni yake nufi, kafin shuka ko daidai lokacinta. In da Yuli ne, Oktoba zuwa Disamba yake nufi, bayan an yanke gero. Ga mai jiran kuɗin iri da taki, wannan bambanci ne na damina guda.

Zangon makaranta: yatsu ba su isa ba

A makarantun boko ba gida huɗu ake raba shekara ba, gida uku ne. Kowane gida sunansa zango. Shekarar karatu takan fara wajen Satumba, ta ƙare wajen Yuli. Ita ma sunanta shekara biyu ne a haɗe, kamar 2024/2025. Zango na ɗaya yakan kama daga Satumba zuwa Disamba. Na biyu daga Janairu zuwa wajen Afrilu. Na uku daga ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu zuwa Yuli.

Kun ga na yi ta cewa "wajen". Dalili shi ne zango ba shi da tsayayyar rana kamar rubu'i. Ma'aikatar ilimi ta kowace jiha ce take fitar da kalandar karatu kowace shekara, kuma takan sauya ta. A 2025, jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun ba da hutun makaranta a watan azumi, wanda ya kama ran 1 ga Maris. Wannan ya sa ranakun zangonsu suka bambanta da na waɗansu jihohi. Don haka a nan ba lissafi ake yi ba. Kalanda ake nema. Takan kasance a manne a ofishin hedimasta. A katin sakamakon yaro kuma akan rubuta ranar komawa makaranta.

Mu ƙaddara kalandar wata makaranta ta nuna haka. Wannan ma misali ne, ba kalandar ma'aikata ba ce:

Zango na ɗaya: 9 ga Satumba zuwa 13 ga Disamba, 2024.
Zango na biyu: 6 ga Janairu zuwa 11 ga Afrilu, 2025.
Zango na uku: 5 ga Mayu zuwa 25 ga Yuli, 2025.

Ana yi wa rana tambaya biyu. Ta kai ranar buɗewa? Ta wuce ranar rufewa? Idan ta kai ranar buɗewa kuma ba ta wuce ranar rufewa ba, tana cikin wannan zango. Ɗauki 8 ga Afrilu, 2025. Ta wuce 6 ga Janairu, ba ta wuce 11 ga Afrilu ba. Zango na biyu ce. Ɗauki 22 ga Afrilu, 2025. Ta wuce 11 ga Afrilu, ba ta kai 5 ga Mayu ba. Wannan rana ba ta cikin kowane zango, hutu ce. Kun ga a nan wata ɗaya ya rabu biyu, saboda haka dole a dubi ranar ma, ba wata kaɗai ba. Idan uba ya biya kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai a irin wannan rana ta hutu, ya tabbata an rubuta masa ko bashin zangon da ya wuce ne, ko na zango mai zuwa.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne, a rediyo waɗansu masu labarai sukan kira rubu'in shekara da sunan zango. Sai ka ji an ce "zangon farko na shekara", alhali Janairu zuwa Maris ake nufi. A makaranta kuwa Janairu zango na biyu ne. Ran 20 ga Janairu, 2025, a ofishin kuɗi na ƙaramar hukuma rubu'i na ɗaya ne na 2025. A makarantar firamare da ke bayan ofishin, zango na biyu ne na 2024/2025. Sai ka fara sanin wa ke magana, kafin ka ba da amsa.

Watannin Musulunci fa?

Da yawa daga cikinmu da watan sama muke tuna abubuwa. Mutum zai ce, "Ai na biya ranar jajiberin Ƙaramar Salla." Wannan ba ya nuna rubu'i kai tsaye. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11. Shi ya sa Salla take matsowa baya kowace shekara. A 2024 an yi Ƙaramar Salla ran 10 ga Afrilu, cikin rubu'i na biyu. A 2025 an yi ta ran 30 ga Maris, cikin rubu'i na ɗaya. Sai a nemi kalanda mai ɗauke da watanni iri biyu ta wannan shekarar, irin wadda ake ratayewa a masallatai da shaguna, a sami ranar Miladiyya tukuna, sannan a ƙirga da yatsu.

Aikin yi

Ku yi waɗannan a littafinku, ku nuna wa malamin ajinku. Ku rufe amsar da hannu har sai kun gama.

1. Nijeriya ta sami 'yancin kai ran 1 ga Oktoba, 1960. A tsarin Janairu, wane rubu'i ne? A tsarin Afrilu na wancan lokaci fa?
2. An rubuta 11/12/2024 a rasit, rana aka fara rubutawa. Wane wata ne, wane rubu'i?
3. A kalandar makarantar da muka kawo, 16 ga Disamba, 2024, wane zango ne?
4. Wata ƙungiya tana fara shekararta ran 1 ga Nuwamba, bayan an kai amfanin gona gida. Ran 15 ga Fabrairu a wane rubu'inta yake?

Amsa: Ta ɗaya, a tsarin Janairu rubu'i na huɗu ne na 1960, a tsarin Afrilu kuwa rubu'i na uku ne na 1960/61. Ta biyu, 11 ga Disamba ne, rubu'i na huɗu. Ta uku, ba ta cikin kowane zango, an rufe makaranta tun ran 13. Ta huɗu, Nuwamba, Disamba, Janairu sun cika yatsa na ɗaya, Fabrairu ya faɗo a gaɓar farko ta yatsa na biyu, wato rubu'i na biyu.

Wanda ya ɗauko tsohon rasit ɗinsa tun farkon darasi, yanzu sai ya juya bayansa ya rubuta rubu'in da aka karɓi kuɗin, da rubu'in da aka biya dominsa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.